Wasiƙar Neman Izinin Sauke Bidiyon Darasi: Abin da Shugaban Makaranta Yake Son Ya Gani Kafin Ya Sa Hannu

Shekara da shekaru ina zana zuciya a kan allo da alli. Nakan raba ta ɗaki huɗu, in ja kibiya daga nan zuwa can, in ce wa yara jini ya fita daga wannan ɗaki ya tafi huhu, ya dawo ta wancan, sannan ya bazu cikin jiki. Sukan kwafa a littafi, su haddace, wasu ma su ci jarrabawa. Amma idan na tambayi yaro me ke hana jini komawa baya, sai ya yi shiru, domin marfin da ke buɗewa yana rufewa a cikin zuciya ba ya motsi a kan allo. Ranar da na nuna wa wasu ɗalibai biyar bidiyon minti uku a wayata, inda marfin nan ke buɗewa yana rufewa tare da bugun zuciya, wata yarinya ta dafa ƙirjinta ta tsaya tana saurare. Abin da na kwashe mako biyu ina fama da shi ya shiga cikin minti uku.

Ajina yana da ɗalibai saba'in, makarantar kuma ba ta da intanet, sabis ɗin waya ma sai an fita bakin ƙofa. Hanya ɗaya ce: a sauke bidiyon a gari, a kawo shi makaranta a cikin filasha. Wannan kuwa ba abu ba ne da malami zai yi gaban kansa. Sai da izinin shugaban makaranta, izinin kuma sai da takarda.

Wasiƙata ta farko layi shida ce. Na ce ina neman izinin sauke bidiyoyin ilimi daga intanet domin inganta koyarwa, na roƙi a taimaka da kuɗin data da janareta. Ta yi mako uku a cikin fayil, daga baya ta dawo da tambayoyi a gefenta da jan biro: waɗanne bidiyoyi, daga ina, nawa ne, wa zai riƙe. A lokacin na ji zafi. Yau na gane cewa mutumin yana da gaskiya, kuma tambayoyin nasa su ne ainihin abin da ya kamata wasiƙar ta ƙunsa tun farko.

Dole malami ya fahimci kujerar da shugaba yake zaune a kai. Idan aka kunna abin da bai dace ba a gaban 'ya'yan mutane, ba malamin iyaye za su fara nema ba, ofishin shugaba za su nufa. Idan mai duba makarantu ya shigo ya tarar da aji ana kallo, shugaba ne zai yi bayanin inda wannan kallo ya faɗo a cikin tsarin darussan zango. Idan talabijin ta ɓace daga sito, sunansa ne a takardar kaya. Ga kuma abin da kowa ya sani: a garuruwanmu kalmar sauke bidiyo tana tuna wa mutane rumfar 'yan dawunlodin, inda ake tura fina-finai da waƙoƙi a memori. Uba ya ji an ce malami ya zo da filasha yana nuna wa yara bidiyo, ba darasin huhu zai fara faɗo masa a rai ba. Wasiƙa ita ce ke raba aikin malami da wancan zato.

Tambaya ta farko ita ce mafi sauƙin amsawa, amma ita ce mafi cin lokaci. Kada malami ya rubuta "bidiyoyin kimiyya". Ya ɗauki tsarin darussan zango, ya bi shi mako-mako, ya tsaya kawai a inda alli ya gaza: zagayawar jini, yadda abinci ke narkewa, juyawar duniya da ke kawo dare da rana, husufin wata, yadda ƙwayar halitta ke rabuwa. Abin da za a iya nunawa da hannu a harabar makaranta, kamar sassan ganye ko tace ruwa da yashi, ba ya bukatar bidiyo. Sai ya haɗa takarda ta biyu a bayan wasiƙar, kowane bidiyo da layinsa: mako na nawa, sunan darasi, sunan bidiyon kamar yadda yake a rubuce, tsawonsa, da wanda ya yi shi. Sannan ya rubuta cewa ya kalli kowanne daga farko har ƙarshe, kuma lallai ya zama ya kalla ɗin. Bidiyo yakan fara da kyau, a minti na biyar sai ga kiɗa, ko shigar da ba za ta karɓu a ajinmu ba, ko tallan wani abu da mai bidiyon ya cusa a tsakiya. Darussan da suka shafi balaga da haihuwa kuwa, shawarata ita ce a cire su daga buƙatar farko gaba ɗaya, a bar su sai an zauna da kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai.

Tambaya ta biyu, wato daga ina, ita ce inda yawancinmu muke tuntuɓe, domin mun ɗauka duk abin da ake kalla kyauta to kyauta ne a kwashe. Ba haka ba ne. Ƙa'idojin YouTube sun hana sauke bidiyo sai ta hanyar da su suka tanada, ko da izinin masu haƙƙi. Maɓallin saukewa da ke cikin manhajarsu kuma yana ajiye bidiyon ne a cikin manhajar kanta. Ba za ka iya kwafe shi zuwa filasha ba, kuma lokaci-lokaci sai wayar ta sake haɗuwa da intanet kafin ya ci gaba da buɗewa. Ga makarantar da ba ta da sabis, wannan ba mafita ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi sassauci ga amfani da aikin wani domin koyarwa, amma sassaucin yana da ma'auni: don me aka yi amfani da shi, nawa aka ɗiba, kuma ko hakan ya taɓa cinikin mai abin. Nuna ɗan yanki a aji daban, kwashe darussan da wani kamfani ke sayarwa a raba wa makarantu daban. Babu shugaban da zai so ya zama alƙalin wannan iyaka, kuma bai kamata malami ya ɗora masa ba.

Abin da ya fi shi ne a nemi kayan da masu su suka riga suka ba da izini a fili. Akwai lasisin da ake kira Creative Commons, wanda mai aiki ke maƙalawa ya ce a kwafa, a raba, bisa sharuɗɗa. Haruffan da ke jikinsa su ne sharuɗɗan. BY na nufin a ambaci mai aikin. NC na nufin ban da kasuwanci. SA na nufin idan ka gyara ka fitar, ka saki naka da irin wannan lasisin. ND na nufin kada a sauya komai. Akasarin bidiyon Khan Academy suna ƙarƙashin CC BY-NC-SA ne, saboda haka malami na iya sauke su, ya nuna a aji, har ma ya ɗora musu murya da Hausa, muddin ya ambaci masu su kuma bai mayar da abin haja ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da amfani biyu a wasiƙa. Idan malami ya rubuta cewa ba za a karɓi ko sisi daga ɗalibi da sunan kuɗin kallo ba, ya cika sharaɗin lasisi, ya kuma cire wa shugaba fargabar a ce makarantarsa ta ƙirƙiro sabon haraji.

Akwai kuma manhajojin da aka gina su musamman domin wuraren da babu intanet. Wadda na fi sani ita ce Kolibri, ta wata ƙungiya mai suna Learning Equality, kuma kyauta ce. Ana girka ta a kwamfutar hannu. Ranar da aka kai kwamfutar inda akwai intanet, sai a shiga Device, a zaɓi Channels, a danna Import, a buɗe tashar da ake so. Abin da ya sa na yaba mata shi ne ba dole a kwashe tashar duka ba. Kana zaɓar darussan da kake so ɗaya bayan ɗaya, tana nuna maka nauyinsu kafin ka taɓa datarka. Bayan an gama, ana buɗe ta a kwamfutar ta wannan adireshi ba tare da intanet ba:

```
http://127.0.0.1:8080
```

Ana kuma iya danna Export a zuba darussan a filasha, wata makarantar ta ɗauka daga filashar ba tare da ta sake kashe data ba. Ban da ita akwai Kiwix mai ajiye Wikipedia a cikin na'ura, har da ta Hausa, da PhET na Jami'ar Colorado mai gwaje-gwajen kimiyya da ɗalibi ke taɓawa ya ga sakamako. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Idan darasin da malami yake nema yana ciki, ya sa ta a layin farko na jerinsa, domin sunan ma'aikata yana kwantar wa shugaba da hankali fiye da kowane bayani.

Sai lissafin kuɗi. "A taimaka da kuɗin data" ba buƙata ba ce da ma'aji zai iya rubutawa a littafi. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Nauyin bidiyo ya dogara da tsawonsa da kuma kyawun hotonsa. Bidiyo mai matsakaicin hoto, wanda ake rubuta wa 480p, yana cin kimanin megabayit 7.5 a minti ɗaya. Mai minti 8 ke nan ya tashi megabayit 60. Ni bidiyo 20 na zaɓa na zango guda, saboda haka jimla megabayit 1,200, wato gigabayit 1.2. Da na ɗauko su da hoto mafi kyau na 720p, kowanne zai kai kimanin megabayit 150, jimla gigabayit 3. A wasiƙa na nemi gigabayit 2 domin 480p, na bayyana cewa ragowar ta saukewar da ke yankewa ce a sake ta. Farashi kuwa malami ya duba na ranar da yake rubutu, kada ya dogara da abin da ya sani bara, tunda a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Wanne za a zaɓa tsakanin 480p da 720p? Bidiyon da motsi ne abin gani a cikinsa, kamar bugun zuciya, 480p ya wadatar. Wanda ake rubuta lissafi da ƙananan lambobi a cikinsa, gara a ɗauko 720p, in ba haka ba rubutun zai dushe.

Wuta ta fi data tsada, kuma ita ce ke kashe irin wannan shiri a mako na uku. Kowa majigi yake so, kuma da dalili, tun zamanin Turawa mutanenmu suka san motar majigi da ke zuwa ƙofar fada da dare a haska fim ɗin tsafta da noma. To amma da dare ake yinsa. Da rana tsaka, a ajin da tagoginsa ba su da marfi, hasken majigi yakan wanke ya zama fari fat. Majigi mai ƙwan fitila yana jan wat 200 zuwa 300, ƙurar hunturu kuma tana toshe masa matata ya yi zafi ya kashe kansa. Talabijin ta zamani mai inci 32 kuwa kimanin wat 50 take ja. Idan makaranta tana da batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100, ƙarfin da ke cikinsa 1,200 ne a lissafin wat na awa guda. Irin batirin nan na dalma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, inbata ma tana cin nata, sai a ce abin da za a mora kimanin 500 ne. Talabijin za ta yi awa goma a kai, majigi mai wat 250 awa biyu kacal. Da na rubuta wannan lissafi, maganar man janareta ta fita daga wasiƙar gaba ɗaya.

Sai dai talabijin mai inci 32 ba ta isar ɗalibai saba'in. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka kunna, ka je bencin ƙarshe ka zauna. Idan ba ka iya karanta rubutun da ke ƙasan hoton, to yaran can baya sauraren rediyo suke yi. Ni raba ajin biyu na yi, rabi su matso gaba su kalla, rabi suna zana abin da aka ba su, sannan a yi musanya. Shi ya sa na nace kada bidiyo ya wuce minti 8. Darasi minti 40 ne, kallo sau biyu ya ci 16, sauran na tambaya da rubutu ne.

Ga wasiƙa ta biyu da na miƙa ta hannun mataimakin shugaba mai kula da harkar karatu. Na cire sunaye, na bar sauran:

Ranka ya daɗe,

NEMAN IZININ SAUKE BIDIYON DARASI DA NUNA SU A AJI BIYU NA ƘARAMAR SAKANDARE

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina neman izininka in sauke bidiyo 20 na darasin kimiyya, in nuna su a aji biyu a wannan zango. Jerinsu yana maƙale a baya, kowanne da makon da ya faɗo a tsarin darussa, da tsawonsa, da wanda ya yi shi. Babu wanda ya wuce minti 8. Na kalle su duka daga farko har ƙarshe, kuma ina roƙon mataimakin shugaba ya kalle su kafin a kai su gaban ɗalibai. Wanda bai gamsu da shi ba za a cire shi.

Dukkansu masu su sun ba da izinin kwafa da nunawa domin koyarwa, na rubuta lasisin kowanne a jerin. Ba za a karɓi kuɗi daga ɗalibi ba, ba kuma za a tura wa ɗalibi komai a waya ba.

Abin da nake buƙata shi ne data gigabayit 2 sau ɗaya, da filasha sabuwa mai gigabayit 8 da za ta zama ta makaranta, da aron talabijin ɗin ofis ranar Talata da Alhamis a lokacin darasina. Batirin sola da ke ofis ya isa, ba a buƙatar janareta. Ni zan sa hannu in ɗauki kayan, in mayar da su kafin a tashi, filashar kuma za ta riƙa kwana a ofishinka.

Ina roƙon a ba ni mako huɗu na gwaji. Daga nan zan kawo maka sakamakon gwajin ɗalibai a rubuce, ka yanke ko a ci gaba ko a tsaya.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Abubuwa biyu a cikinta sun fi sauran aiki. Na farko shi ne roƙon wani ya kalla kafin a nuna. Wasu abokan aiki na ganin wannan zubar da girma ne, ni kuwa ina ganin kariya ce, domin ranar da uba ya zo da ƙorafi mutum biyu ne za su ce mun gani da idonmu. Na biyu shi ne mako huɗun gwaji. Shugaba ya fi saurin amincewa da abin da ya san zai iya tsayar da shi ba tare da rigima ba. Kwana biyu aka yi ta dawo da sa hannu, da sharaɗi ɗaya: a sanar da shugaban ƙungiyar iyaye kafin a fara.

Sa hannu ba shi ne ƙarshen wahala ba. Ranar farko talabijin ta ƙi buɗe bidiyo shida daga cikin ashirin, alhali a kwamfuta duk suna yi. Dalilin shi ne nau'in fayil. Talabijin da yawa MP4 suka fi ganewa, wanda aka matse da H.264. Fayil mai ƙarewa da .webm ko .mkv yakan fito da murya babu hoto, ko ya ƙi buɗewa sam. Manhajar VLC tana buɗe kusan kowane iri a kwamfuta, tana kuma iya juya fayil zuwa MP4, amma daren jajibiri ake wannan aiki, ba a gaban yara saba'in ba. Wanda ya sauke ta Kolibri kuma ya sani cewa abin da ta zuba a filasha an tsara shi ne domin wata Kolibri ɗin ta karanta, ba domin a soka a talabijin kai tsaye ba. A nan sai a haɗa kwamfutar da talabijin da wayar HDMI. Filasha ma tana da nata. Yawanci talabijin sun fi karanta wadda aka tsara da FAT32, ita kuma ba ta ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4, abin da ba zai dami mai gajerun bidiyoyi ba. Babbar barazanarta ita ce yawo. Da zarar an kai ta shagon buga takardu, tana iya dawowa da cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan gajeriyar hanya a madadinsu. Idan ka buɗe ka ga kowane babban fayil da 'yar kibiya a gindinsa, kada ka danna. Saboda haka ne na ce ta kwana a ofis, kuma ina da kwafi na biyu a kwamfuta.

Matsalar da ta fi ba ni tunani ba ta na'ura ba ce, ta harshe ce. Yawancin bidiyon nan da Turancin Amurka ko na Ingila suke, da sauri, yaron da Turancin malaminsa ma yake lalube ba zai kama ba. Za ka gane haka idan ka tsayar da bidiyo ka tambayi me mutumin ya ce, aka yi tsit, amma da ka tambayi me suka gani sai hannuwa su tashi. Daga nan na koma kashe murya. Hoto na tafiya, ni ina bayani, da Hausa inda ya kama, sannan in rubuta kalmomin Turancin da za su haɗu da su a jarrabawa a kan allo. Ina tsayawa sau uku ko huɗu a bidiyo guda. Kafin a kunna kuma sai na rubuta tambaya biyu a allo, domin yaro ya san abin da idonsa ke nema. Bidiyon da aka kunna aka koma gefe ana danna waya, kallon fim ne, kuma shi ne ainihin abin da shugaba ya ji tsoro tun farko.

Bayan mako huɗu na kai rahoton shafi ɗaya: darussan da aka nuna, bidiyo biyu da na janye saboda sun fi ƙarfin ajin, da makin gwaji. Aka ce a ci gaba, malamin labarin ƙasa ma ya ari kwafin wasiƙar ya rubuta tasa.

Ga 'yan'uwana malamai, kada ku miƙa takarda sai kun haɗa jerin bidiyon, kun kalle su, kun yi lissafin data da wuta. Ku kuma shugabanninmu, Allah ya ƙara muku girma, idan malami ya kawo muku wasiƙar da ba ta cika ba, kada ta kwana uku a fayil. Ku kira shi, ku faɗa masa abin da ya rage, ku ba shi mako huɗu ya gwada.